Ɗan Wanzami da Littafin Sartre

Wani dare da muka buɗe layi a shirina, wani saurayi ya bugo daga Zangon Tamale. Mahaifinsa wanzami ne, kakansa ma wanzami, kuma tun da mahaifin ya rasu shi ne ke riƙe da zabira. Shi ke yi wa jarirai askin suna a gidajen da suka gada, shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ba ta da lafiya. Sai ga kawunsa ya samo masa gurbin koyon kanikanci a Suwame, can Kumasi. Ya ce, "Yaya, ki gaya mini, in tafi ko in zauna? Mutane sun ce wanzami aka haife ni." Na yi ta kewaye-kewaye har lokaci ya ƙure, ban ba shi amsa ba. Tambayar nan ce ta mayar da ni ga wani ɗan littafi da na karanta a makarantar koyon aikin jarida, na Bafaranshen nan Jean-Paul Sartre.

Asalin littafin lacca ce da ya gabatar a birnin Faris ranar 29 ga Oktoba, 1945, aka buga ta a 1946, yana kare falsafarsa daga masu cewa ta fid da rai ce. Ginshiƙinta magana ɗaya ce, wato samuwar mutum ta riga ainihinsa. Ya yi misali da wuƙar yanka takarda, amma mu ɗauki fartanya. Kafin maƙeri ya hura wuta ya san abin da zai ƙera da aikin da za ta yi, don haka ainihin fartanya ya riga samuwarta. Sartre ya ce mutum ba haka yake ba. Yana fara faɗowa duniya ne, sannan ayyukansa su mai da shi abin da ya zama. Ba a haifar matsoraci ko jarumi. Wanda ya gudu shi ya mai da kansa matsoraci, kuma gobe yana iya tsayawa.

Wannan magana ta yi karo da abin da muka taso a ciki. A ƙasar Dagomba makaɗan kalangu na fada, da maƙera, da mahauta, da wanzamai, duk gado ne. Mu ma Hausawa muna cewa hali zanen dutse, muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙarfin littafin, a ganina, shi ne ya nuna yadda muke mai da irin waɗannan maganganu mafaka. Saurayin nan gadon zabira ya yi, wannan gaskiya ce da ba ya iya sauyawa. To amma kowace safiya shi ne ke rataya ta, ba kakansa ba. In ya zauna, shi ya zaɓi zama. In ya ce jini ne ya zaunar da shi, ya faɗa abin da Sartre ya kira yaudarar kai, wato mutum ya ɗauki kansa fartanya don ya huta da nauyin zaɓi.

Abin mamaki, a cikin laccar akwai labari kusan irin na mai bugo mini waya. Wani ɗalibin Sartre ya zo neman shawara a lokacin da Jamus ta mamaye Faransa. An kashe yayansa a yaƙin 1940, mahaifiyarsa kuma ba ta da abin dogaro sai shi. Ya tafi Ingila ya shiga rundunar 'yantar da ƙasa, ko ya zauna da ita? Sartre ya ƙi zaɓar masa. Hujjarsa ita ce, umarnin a kyautata wa mutane bai faɗi wanda za a fifita ba, uwa ko ƙasa, kuma shi kansa zaɓen wanda za ka tambaya zaɓi ne. Nan ya taɓa ni. Saurayin nan bai je wurin limamin unguwarsu ba, don ya san abin da zai ji game da haƙƙin uwa. Bai koma wurin kawunsa ba, don ya san zai ce ya shiga mota. Ya bugo wa mai shirin rediyo da dare, inda ba a ganin fuskarsa. Ina jin abin da yake so shi ne wani ya karɓe masa alhakin.

Daga nan zullumi ke fitowa. A babban littafinsa na 1943 Sartre ya raba tsoro da zullumi. Tsoro na abin da ke waje ne, kamar haɗarin hanyar Tamale zuwa Kumasi, ko maigidan gareji mai zafin hannu. Zullumi kuwa na kanka ne, sanin cewa babu abin da ke hana ka hawa motar, babu kuma abin da ke tilasta maka, kuma duk abin da ya biyo baya naka ne. Ana gane bambancin da sauƙi. Tsoro yana raguwa in an samu ƙarin bayani. Zullumi ba ya raguwa, ko da an gaya wa saurayin nan kuɗin da zai samu a Suwame har kwabo na ƙarshe.

Ina da ja da littafin a wuri biyu. Na farko, Sartre ya gina maganarsa kan cewa babu Mahalicci, ya ce da akwai shi da mutum ya zama kamar abin da maƙeri ya tsara. A matsayina na Musulma ban yarda da tushen ba, kuma ban ga ma hujjar tana buƙatarsa ba. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba a nuna wa kowa abin da aka rubuta masa ba. Wanda ke tsaye a tasha bai san rubutun ba, dole ya zaɓa, kuma a kan zaɓin za a yi masa hisabi. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddara take. Bai fake da ita ya ƙi yanke hukunci ba. Alhaki kwikwiyo ne, mun san wannan tun kafin a yi laccar Faris.

Na biyu ya fi nauyi. Laccar tana magana kamar kowa nauyin zaɓinsa ɗaya. Sartre ya yarda cewa kowa a cikin wani hali yake zaɓa, amma ya wuce wurin da sauri. Yarinyar da ta bar ƙauye a Arewa ta je dakon kaya a kasuwar Kejetiya ta zaɓa, haka ne, amma tsakanin yunwa da kwana a baranda. Ka ce mata ita ta yi kanta, ka yi shiru kan waɗanda suka rage mata hanyoyi zuwa biyu, to ka ɗora mata kayan wasu a kan nata. Shi kansa Sartre, a rubuce-rubucensa na baya, ya ƙara ba wa talauci da tarihi muhimmanci fiye da yadda ya yi a 1945.

Duk da haka ina ganin ya kamata a karanta littafin, ko don ya hana mu cewa "haka nake" a inda gaskiyar ita ce "haka na ga dama". Da saurayin ya sake bugowa bayan mako biyu, na ce masa, "Ƙanena, ba zan zaɓar maka ba. Amma ka cire maganar an haife ka wanzami. Ka zauna da Inna da kawunka, ku lissafa wa zai kula da ita, da me za a sayi magani, wata nawa za ka yi kafin ka fara aiko da kuɗi. In an gama lissafin kirjinka bai daina nauyi ba, kada ka ɗauka alamar kuskure ce." Ya yi shiru, ya ce ya gode. Har yau ban san ko ya tafi ba.