Allon Bakin Titi a Meiganga: Harafi Nawa Direba Ke Iya Ɗauka?

Babbar hanyar da ke haɗa Garwa-Bulai da Ngaundare ta ratsa Meiganga, hedikwatar yankin Mbere a jihar Adamawa ta Kamaru, kuma a kanta manyan motocin kaya da ke tasowa daga Duwala ke bi zuwa Garwa da Njamena. Mai shago a bakin wannan titi yana da masu kallo iri biyu. Akwai ɗan gari mai tafiya a ƙasa, wanda ya riga ya san shagon ko da allo ko babu. Akwai kuma baƙo a cikin mota, wanda allon ne kaɗai zai tsayar da shi. Yawancin allunan da ake bugawa yanzu, na farkon suke yi wa magana, alhali don na biyun aka kashe kuɗin.

A ganina sauyin sana'ar ne ya jawo haka. Mai rubutun allo da burushi, kowane harafi guminsa ne da fentinsa, saboda haka in mai shago ya zo da dogon bayani, shi da kansa zai ce a rage. Injin bugu kuwa da faɗin leda ake biyansa, kalma uku da kalma talatin kuɗinsu ɗaya. Mai shago ya ga fili ya rage a allon kwamfuta, sai ya ce, "Ai na biya, a cika shi." Shi da yaron da ke tsarawa suna zaune kamu biyu daga allon, komai ƙanƙantar rubutu suna gani tar.

Mu ɗauki misali mu bi shi da awo. A ce wata Hajiya mai abinci tana son allo mai faɗin mita 2 da tsayin mita 1, burinta direbobin tirela. Motar da ta shigo gari da gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Direba na bukatar kamar daƙiƙa 3 ya hango allon ya karanta, don idonsa na kan 'yan acaba da dabbobi, ba a kan allon kaɗai yake ba. Mita 33 ke nan ta tafi. Bayan ya karanta, sai ya yanke shawara, ya rage gudu, ya nemi gefen da mota mai lodi za ta raɓa. A ba shi mita 50. Dole ke nan rubutun ya karantu tun daga kamar mita 80.

Ma'aunin da injiniyoyin hanya na Amurka ke bi a littafinsu na alamomin titi na 2009 shi ne inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 30 ta nisa, wato santimita 1 ga mita 3.6. In aka raba 80 da 3.6, harafin Hajiya ya zama santimita 22, kusan taƙi guda na hannun babba.  A lokacin hazo, ko da almuru, nisan raguwa yake yi.

To harafi mai wannan tsayi, in an haɗa da tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa, yana cin faɗin kamar santimita 18. A bar santimita 10 a kowane gefe na allon, saura 180. Harafi goma ke nan a layi, ba ƙari. Kalmar Faransanci RESTAURANT, wadda direbobin wannan hanya suka saba gani, harafi goma ce cif, ta cinye layin sama ita kaɗai. Layi na biyu zai ɗauki TUWO da NAMA. Abin da ya saura a ƙasa bai wuce siririn layi na santimita 12 ba, nan sunan Hajiya zai zauna, don wanda ya riga ya tsaya.

A nan gardama ke tashi, a kan lambar waya. Lambar salula a Kamaru tara ce, kusan layi guda cur. Ba direban da zai haddace lamba tara yana riƙe da sitiyari, kuma mai jin yunwa ba waya zai buga ba, tsayawa zai yi. Wurin lamba jikin ƙofa ne. In Hajiya ta dage a sa ta, a ƙara da jerin miyoyi da addu'a da hoton faranti uku, haruffa za su sauko zuwa santimita 6, waɗanda ba sa karantuwa sai daga mita 22. Daƙiƙa 2 ke nan kafin motar ta gifta, sai dai direba ya ci a gaba.

Kaurin harafi ma da ƙa'idarsa: kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsayinsa, santimita 4 a misalinmu. Siririn harafi mai lanƙwashe-lanƙwashe narkewa yake daga nesa, wanda ya cika kauri kuma cikin A da R ke toshewa ya koma dunƙule.

Sai launi, inda ƙasar Adamawa ke da nata hukuncin. Ido daga nesa haske da duhu yake rarrabewa kafin ya gane launi. Ja a kan kore yana da ɗaukar ido a kusa, amma duhunsu kusan ɗaya ne, shi ya sa suke cuɗewa. Jan rubutu a kan fari yana da kyau ranar da aka kafa shi. Bari rani ya shiga, jar ƙurar titi ta hau farin ta mai da shi ruwan ƙasa, rana kuma ta koɗe jan, don ja na cikin launukan da suka fi saurin koɗewa. Fari ya yi duhu, ja ya yi haske, sun haɗu a tsakiya. Baƙi a kan rawaya ya fi jure wannan, kuma duk wanda ya hango rumfar MTN daga nesa ya ga shaida: harafi uku ne, kuma launin ke isowa kafin rubutun. Gwajin ba ya cin ko sisi. A ɗauki hoton tsarin da waya, a mai da shi baƙi da fari. In rubutun ya dushe a hoton, zai dushe a titi.

Tutar yadi da ake ratayawa a tsallake titi lokacin bikin matasa na 11 ga Fabrairu ko bikin ƙasa na 20 ga Mayu, ita matsalarta daban ce. Kamaru na da harsunan gwamnati biyu, Faransanci da Turanci, don haka saƙon hukuma sau biyu ake rubuta shi, kuma filin harafi ya rabu biyu tun kafin a fara. Ga sunayen manyan baƙi da muƙamansu, waɗanda ba mai ƙarfin halin gogewa. Ban cika ganin laifin wannan ba, don irin wannan tuta kirari ce, aikinta a ga an girmama wane. Kuskuren shi ne ɗan kasuwa ya kwaikwayi tsarinta. A garin da ake jin Bayanci da Fulatanci da Hausa da Faransanci a kasuwa ɗaya, hoton abu guda babba, taya ko almakashi ko kan sa, ya fi jimla isar da saƙo, kuma tsofaffin masu burushi sun daɗe da sanin haka.

Saura inda za a kafa. Allon da ya kwanta a jikin bango yana kallon titi, direba ba ya ganin fuskarsa sai ya zo daidai da shi, duk lissafin mita 80 ya tashi a banza. A tsayar da shi yana fuskantar motoci, a rubuta gaba da baya.

Mai shago, kafin ka biya mai bugu, ka sa ya fitar maka da harafi ɗaya a takarda daidai girman da zai fito. Ka manna shi a ƙofa, ka yi taku ɗari a gefen titi, ka waiwayo. In ba ka gane shi ba, ka koma a rage kalmomi.