Jinjina ga Masu Karanta Layin Kallo

Finafinan Kano masu dogon zango, irin su Labarina da Izzar So, suna da masu kallo a YouTube har cikin Hausawan Sudan, su Gadarif. Amma bayan fage akwai ma'aikatan da ba a cika ambata ba: masu tace labari da ke zama gaban YouTube Studio suna karanta jadawalin da ke nuna inda mai kallo ya tsaya da inda ya gudu.

Sukan fara duba mutum nawa suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko. A ce layin ya rufta daidai inda jarumi ke doguwar gaisuwa, sannan ya daidaita da rigimar gado ta kunno kai. A rubutun kashi na gaba sai su datse gaisuwar, su jawo rigimar gaba.

Gwanintarsu tana ga rashin gaggawa. Layin da ke sauka a hankali ba aibi ba ne. In kuwa ya yi tsalle sama, mutane ne suka maimaita wurin: ko ya burge su, ko ba su gane maganar ba. Sai sun sake kallon wurin kafin su taɓa rubutun.

Allah ya ƙara basira.