Hagu ko Dama: Nazari Kan Tambayoyin Zaɓi a Darasin Debit da Kiredit

Ɗalibin da ya zaɓi ɓangaren kasuwanci a ajin farko na babbar sakandare, ko wanda ya fara karatun akanta a kwalejin fasaha, ba zai kai ƙarshen zangon farko ba sai an ajiye masa wata takarda a gabansa. A cikinta akwai gajerun tambayoyi, kowace da amsoshi huɗu ko biyar, ana so ya zaɓi ɗaya. Idan malamin mai kulawa ne, bayan an gama yakan raba wata takardar mai ɗauke da amsa da ɗan dalili a ƙarƙashin kowace tambaya. Haka littattafan bitar jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suke tafe, har mutane suka saba, ba mai tsayawa ya tambayi me wannan salon yake aunawa. Ni a ganina salon yana da amfani sosai ga mai farawa, amma amfanin yana ɓoye ne a wurare biyu da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: amsoshin da ba daidai ba, da kuma wannan ɗan dalilin na ƙasa.

Ƙa'idar da ake gwadawa ba ta da yawa. Kowane asusu a cikin leja yana da gefe biyu, hagu shi ne debit, dama kuma kiredit. Kowace mu'amala ana rubuta ta sau biyu, sau ɗaya a hagun wani asusu, sau ɗaya a daman wani, da adadi iri ɗaya. Kadara da kuɗin da aka kashe wajen tafiyar da kasuwanci suna ƙaruwa ta hagu. Jari, da bashin da ake bin kasuwancin, da kuɗin shiga suna ƙaruwa ta dama. In abu ya ragu, sai a koma ɗaya gefen. Tun 1494 Luca Pacioli ya buga bayanin wannan tsari a birnin Benis na Italiya, kuma har yau ginshiƙinsa bai canza ba. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai haddace ta a zama ɗaya. Abin da ke ba da wahala shi ne aiki da ita, domin kafin a kai ga hagu ko dama sai an yanke hukunci uku: waɗanne asusai biyu mu'amalar ta taɓa, kowanne wane iri ne, sannan ƙaruwa ya yi ko raguwa.

Tambaya mai kyau ita ce wadda take tilasta wa ɗalibi ya bi ta waɗannan hukunce-hukunce. Mu ɗauki misali. Mai kantin kayan masarufi ya sayi firji na Naira 400,000 don sanyaya lemon da yake sayarwa, ya biya ta hanyar tura kuɗi daga asusun kantin na banki. Yaya za a rubuta?

A. Debit asusun sayayyar haja, kiredit asusun banki
B. Debit asusun kayan aiki, kiredit asusun banki
C. Debit asusun banki, kiredit asusun kayan aiki
D. Debit asusun kayan aiki, kiredit asusun tsabar kuɗi

Amsa ita ce B. Firjin kadara ce da za ta zauna a kanti shekara da shekaru, ta ƙaru, don haka hagu. Kuɗin banki shi ma kadara ne, ya ragu, don haka dama. Amma dubi sauran ukun, domin kowacce tana ba da labarin wani ɗalibi daban. Wanda ya zaɓi A ya san gefe sarai, abin da bai gane ba shi ne asusun sayayyar haja na kayan da aka saya don a sake sayarwa ne kawai. Ya ji an ce an saya, sai ya ruga can. Wanda ya zaɓi C ya gane asusan biyu, amma ya juya su. Wanda ya zaɓi D ya fahimci komai, karatun tambayar ne bai yi da natsuwa ba, bai lura ta banki aka biya ba. Malamin da ya ƙirga yawan waɗanda suka faɗa kowane rami ya san darasin da zai maimaita gobe, kuma ya san cewa ba magani ɗaya ukun suke bukata ba.

Akwai wani abu a wannan misali da ya kamata a dakata a kansa. Dukkan amsoshin huɗu suna da debit na 400,000 da kiredit na 400,000. Ma'ana, ko wacce aka rubuta a leja, idan aka zo ƙarshen wata aka jera ragowar asusai don gwada daidaito, jimillar hagu za ta yi daidai da ta dama. Littafin zai nuna lafiya lau alhali akwai ɓarna a ciki. Idan aka bi A, kuɗin firjin ya shiga cikin kuɗin haja, ribar shekarar za ta ragu da wannan adadi gaba ɗaya, maimakon a riƙa cire ɗan kason tsufan firjin shekara-shekara, kuma firjin ba zai bayyana cikin kadarorin kanti ba. Idan aka bi C, littafi zai ce kuɗin banki ya ƙaru da 400,000 alhali raguwa ya yi, tazarar da ke tsakanin littafi da takardar banki ta zama 800,000, ninki biyu. Wannan ninkin shi ne alamar da akanta yake gane an juya shigarwa da ita. Saboda haka tambayar zaɓi da aka gina da kyau tana horar da ido a kan daidai kurakuran da gwajin daidaito ba ya kamawa, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Kuskuren C yana da wani tushe da malamai da yawa ba sa taɓowa. Yaran yau sun girma suna ganin saƙon banki a wayar iyayensu, inda kiredit ke nufin kuɗi sun shigo, debit kuma an cire. Sai su zo aji a ce musu shigowar kuɗi debit ne. Bankin bai yi kuskure ba, malamin ma haka. Saƙon yana fitowa ne daga littafin banki, kuma a wurin banki kuɗin da ka ajiye bashi ne da kake bin sa, bashi kuwa ta dama yake ƙaruwa. A littafinka kai, waɗannan kuɗin kadara ne, suna ƙaruwa ta hagu. Duk jerin tambayoyin da bai ware ko guda ɗaya don wannan ruɗani ba ya bar babban giɓi.

To, ga yadda akan lalata salon. Sau da yawa za ka ga tambaya kamar haka: asusun jari yana ƙaruwa ta wane gefe? Sai a jera debit, kiredit, duka biyun, babu ko ɗaya. Kowane ɗalibi ya san biyun ƙarshe ciko ne. Tambayar da a ƙa'ida mai canki-canka yake da damar kashi 25 cikin ɗari ya dace, ta koma kashi 50. A tambayoyi ashirin irin wannan, wanda bai taɓa buɗe littafi ba yana iya tashi da maki goma, malam ya ɗauka rabin darasin ya shiga. Sannan ko wanda ya amsa da sani, hadda kawai ya nuna. Ba a ba shi mu'amala ya warware ba.

Sai batun dalili. Mafi yawan abin da ake kira dalili a takardun bita maimaita amsa ne da wasu kalmomi: amsa B ce saboda ana debit ɗin kayan aiki a yi kiredit ɗin banki. Wanda ya zaɓi A ya karanta wannan bai ƙaru da komai ba, ya riga ya san ya faɗi. Wasu kuma sukan kawo tsohuwar ƙa'idar nan ta a yi debit ɗin mai karɓa, a yi kiredit ɗin mai bayarwa, su manna ta a ko'ina. Ƙa'idar tana aiki lafiya a asusun mutane, amma idan aka zo kan kuɗin haya ko tsufan kayan aiki, yaro yakan tsaya yana neman wanda ya karɓa, ya rasa. Dalili mai amfani gajere ne, layi biyu ko uku, amma dole ya faɗi irin kowane asusu, ya faɗi ƙaruwa ko raguwa, sannan ya taɓo amsar da ta fi jan mutane ya nuna inda ta kauce.

Ga misalin da ke nuna haka. A watan jiya an sayar wa Malam Audu haja ta Naira 60,000 bashi, yau ya kawo kuɗin a hannu. Ɗalibai da yawa za su zaɓi debit tsabar kuɗi, kiredit ciniki, domin a ransu duk kuɗin da ya shigo kanti ciniki ne. Amsar daidai ita ce debit tsabar kuɗi, kiredit asusun Malam Audu. Dalilin da ya dace a rubuta shi ne: tsabar kuɗi kadara ce, ta ƙaru, bashin da ake bin Malam Audu shi ma kadara ne, ya ragu, an riga an rubuta cinikin tun ranar da ya ɗauki kaya. Wannan jumlar ta ƙarshe ita ce darasin. In ba ita, ɗalibin zai rubuta cinikin 60,000 sau biyu, ya kumbura riba, kuma littafi ya ci gaba da nuna ana bin bawan Allah bashin da ya biya. Duk wanda ya taɓa zama a kanti ya san rigimar da irin wannan ke haifarwa tsakanin mai kaya da abokin cinikinsa.

Salon yana da iyaka, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Gane amsa a cikin huɗu ya fi sauƙi a kan fito da ita daga kai. A tambayar zaɓi an riga an ba ɗalibi sunayen asusai, an rage masa hukunci na farko, wanda shi ne mafi wuya. A wurin aiki kuwa rasit za a miƙo masa, babu A babu B. Haka nan tambayar ba ta nuna ko ya iya zana asusu, ya sa kwanan wata, ya rubuta sunan ɗaya asusun a wurin bayani, ya rufe, ya sauko da ragowa. Shi ya sa WAEC da NECO ba su tsaya kan takardar zaɓi kaɗai ba, suna haɗawa da takardar da ɗalibi zai yi aikin da hannunsa. Makarantar da ta mayar da duk gwajin zangon farko zaɓi zalla saboda sauƙin ba da maki tana tara wa ɗalibanta wahala a gaba, lokacin da za a zo kan lissafin riba da asara.

Ga malamai ina da roƙo. Kada a raba takardar dalilai tun da wuri. A sa kowane ɗalibi ya rubuta nasa dalilin a gefen amsar da ya zaɓa, ko da layi ɗaya ne, ko da da Hausa ne in Turancin zai tare shi, a raba makin biyu tsakanin amsa da dalili. A nan za a ga wanda ya zaɓi B don ya san firji kadara ce, da wanda ya zaɓe ta don ya daɗe bai zaɓi B ba. Kuma duk amsar ciko da malam ya kasa faɗin wane kuskure take wakilta, ya goge ta ya nemi wata a cikin littattafan aikin ɗalibansa na bara.