Tsakanin "da" da "wanda": Matsayin Jimlar Sila a Tarjamar Ayoyi

Wanda ya zauna majalisin tafsiri a Rano ko Kibiya cikin watan azumi ya san tsarin da ake bi. Mai jan baƙi ya karanta aya ya tsaya, malam ya juya ta da Hausa, sannan a koma ga ta gaba. Mafi yawan masu sauraro ba su riƙe da littafi, ba su ganin waƙafi ko ɗigo, kunne kaɗai ke yi musu aiki. A irin wannan zama ne fassarar ismul mausuli take bayyana rauninta, domin al'adar karatun zaure ta ba kowace kalma kishiya guda: *allazi* wanda, *allazina* waɗanda. Wannan ya isa ga ɗalibin da ke koyon kalma, amma bai isa ga mai isar da ma'ana ba.

Dalili shi ne Hausa tana da hanyoyi biyu inda Larabci yake da lafazi ɗaya. A duba waɗannan jimloli: "Manoman Kibiya da suka shuka gyaɗa da wuri sun samu amfani", da kuma "Manoman Kibiya, waɗanda suka shuka gyaɗa da wuri, sun samu amfani". Ta farko ta ware wasu manoma daga cikin sauran. Ta biyu, idan an ɗan saurara kafin "waɗanda", ta haɗa su duka, ta ƙara bayani a kansu. Wato "da" mai manne wa suna tana ƙayyadewa, "wanda" da ya zo bayan numfasawa kuwa ya fi karkata ga siffantawa. Malaman nahawu sun san wannan bambanci a babin na'ati, inda suka raba siffar da ke fayyace abin siffantawa da wadda ta zo don yabo ko zargi. Sai dai *allazi* ba ya sake kama a tsakanin biyun. Bahaushe kuwa dole ya zaɓa.

Surori biyu gajeru sun isa misali. A Suratul A'ala, aya ta farko ta ambaci Ubangiji, ta biyu ta buɗe da mausuli tana zancen halittarsa. Wannan siffar yabo ce. Da mai fassara zai ce "Ubangijin da ya yi" kaza, da kunnen Bahaushe ya ji kamar ana ware shi ne daga wasu iyayengiji da ba su yi ba. A nan "Wanda" a farkon aya shi ne daidai, tsayawar mai jan baƙi kuma ba ta ɓata kome.

A Suratul Ma'un lamarin ya juya. Aya ta huɗu ta yi narkon azaba ga masu salla, ta biyar ta buɗe da mausulin da ya bayyana cewa masu shagala daga sallarsu ake nufi. Wannan sila ƙaidi ce, in an cire ta ma'ana ta lalace. Shi ya sa malaman waƙafi suka yi magana a kan wannan wuri: wasu sun yarda a tsaya don ƙarshen aya ne, wasu sun fi son a sadar.

Tarjamar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wadda ta fito a 1979, ta bi iyakar aya a wuraren biyu: ta rufe aya guda, ta buɗe mai bi mata da "wanda" ko "waɗanda". Uzurinta a fili yake, domin tarjama ce da aka jera aya da aya daura da nassin Larabci, mai karatu kuma idonsa yana kaiwa ga layi na gaba. Amma abin da ya dace da A'ala bai dace da Ma'un ba. Idan aka karanta Hausar da baki, aka sauke murya a kan "masallata", mai sauraro ya riga ya ji hukunci cikakke a kan duk mai salla, "waɗanda" kuma ta iso kamar ƙarin bayani a kansu baki ɗaya.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A rubuce, kada a sa ɗigo a ƙarshen aya ta huɗu: a ƙare ta da "masallatan nan", a buɗe ta biyar da "da suke". A majalisi kuwa, inda an riga an tsaya, sai malam ya maimaita sunan ya ce "wato masallatan da suke", don ƙaidin ya manne wa abin da ya ƙayyade. Mausuli na biyu da ke aya ta shida ba ya bukatar wata sabuwar "waɗanda", wadda za a iya ɗauka wata ƙungiya ce dabam. "Suke kuma" ta wadatar, domin siffar aikin da kanta, "suke" maimakon "suna", tana shaida wa kunne cewa har yanzu ana cikin sila.

Ɗalibin nazarin addinai zai gamu da irin wannan matsala a Ibrananci, kuma ba nesa take da shi ba, tunda a wasu ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya akwai Hausawa Kirista da ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932. Mausulin Ibrananci shi ne *asher*, kalma ɗaya da ba ta nuna namiji ko mace, tilo ko jam'i. A wannan fuska ya fi kama da "da" fiye da *allazi*. Amma shi ma yana zuwa don ƙaidi, yana zuwa don siffantawa, saboda haka kamannin na iya yaudarar mai fassara.

A littafin Fitowa, babi na 20, aya ta 2, Allah yana gabatar da kansa ga Banu Isra'ila, sai *asher* ya biyo da zancen fitar da su daga Masar. Siffantawa ce, don haka "da" ba ta dace ba, kamar dai a A'ala. Amma akwai ƙari: aikin da ya bi *asher* yana ɗauke da lamirin mai magana. Idan aka bi shi kalma da kalma, za a samu "wanda na". Ga kwatankwacinsa a maganar yau da kullum: "Ni ne malaminka, wanda na koya maka nahawu." Kunne yana tuntuɓe, domin Bahaushe in ya ji "wanda na koya", abin da yake jira shi ne wanda aka koya wa. Mafita biyu ce. Ko a ce "wanda ya koya maka", a sadaukar da lamirin mai magana, ko a kwance silar a ce "ni na koya maka". Ta biyu ta fi kiyaye nauyin nassin, domin mai maganar yana jingina aikin ga kansa ne, kuma Hausa da "ni na" take yin wannan.

Ma'aunin da ya fito daga misalan nan guda ne, kuma ana iya gwada shi kafin a hau kujerar tafsiri. A cire silar, a karanta abin da ya saura. In ma'ana ta tsaya daidai, siffantawa ce: a numfasa, a ce "wanda", ko a mai da ita jimla mai zaman kanta. In ma'ana ta karkace, ƙaidi ce: a manne ta da "da", ko da iyakar aya ta shiga tsakani. Lambar aya tana nan a wurinta, ba a taɓa ta ba. Abin da ake kiyayewa shi ne kada numfashin mai fassara ya yanke hukuncin da nassi bai yanke ba. Allah ne Mafi sani.