Wane ne "Ni" a Bakin Mawaƙi?

Wanda duk ya taɓa fitowa daga Masallacin Juma'a na birnin Zariya bayan an idar da salla, ya ratsa ta cikin cunkoson jama'a a dandalin ƙofar fada, da wuya a ce bai taɓa jin muryar makaho tana tashi da Imfiraji ba, ɗan jagora na gaba riƙe da sanda, shi kuwa yana biye yana rera baitocin da Alhaji Aliyu Namangi ya tsara. Idan ya iso wurin da mai magana a cikin waƙar ke ƙasƙantar da kansa, yana ambaton yawan zunubinsa, yana roƙon ceton Manzon Allah, sai ka ga dattijo ya tsaya, ya sa hannu aljihu, idonsa ya kawo ruwa. A nan akwai mutum uku, kowanensu na da rabo cikin kalmar "ni" da ake furtawa: wanda ya tsara, da wanda ke rerawa, da wanda ke saurare yana ji kamar da bakinsa ake magana. Tambayar da ta kamata mai nazari ya yi wa kansa ita ce, zunubin wane ne daga cikinsu ake ƙirgawa?

Na taɓa zama a zauren wani malami a Unguwar Juma, ana karatun Ishiriniya bayan La'asar, sai hira ta gangaro kan Namangi, wani ɗalibi mai kaifin baki ya ce shi dai a ganinsa lalle malamin nan ya sha duniya da ƙuruciyarsa, in ba haka ba me zai sa mutum ya yi ta tuba baiti bayan baiti. Malam bai tsawata masa ba. Sai ya rufe littafi, ya ɗora gafaka a kai, ya ce, "Malam ƙarami, in ka ji liman yana neman gafara a cikin alƙunutu, kai ma kana bayansa kana cewa amin, gobe sai ka kai shi gaban alƙali ka ce ya yi iƙirari?" Aka yi dariya, ɗalibi ya sunkuyar da kai. Amsar nan ta malam ita ce jigon abin da nake so in warware, wato cewa mawaƙi dabam, mai magana a cikin waƙa dabam, ko da yake sau da yawa rigarsu ɗaya, muryarsu ɗaya.

Kada a ɗauka wannan rarrabewa baƙuwa ce da ta zo mana tare da boko, domin malaman tafsiri da na fiƙihu sun riga kowa tsayawa a kanta, tun da yake a wurinsu magana ce da ke iya jawo haddi. Ibn Kasir, a wurin da yake fassara ƙarshen Suratush Shu'ara'i, inda aka siffanta mawaƙa da faɗin abin da ba su aikatawa, ya kawo labarin Nu'umanu ɗan Adiyyu, wanda Sayyidina Umar ya naɗa gwamnan Maisan a ƙasar Iraƙi. Mutumin nan ya yi waɗansu baitoci yana siffanta kansa cikin mashaya ana zuba masa giya, baitocin suka kai kunnen Halifa, aka kira shi, ya rantse bai taɓa kurɓa ba, abu ne kawai da ya zo masa a harshe. Umar ya gaskata shi, bai tsayar masa da haddi ba, amma ya tuɓe shi daga mulki. Hukuncin nan fuska biyu gare shi, kuma kowace tana da amfani ga mai nazari: ba a kama mawaƙi da aikin da mai magana ya ce ya aikata, amma ana kama shi da zaɓen da ya yi na sanya wannan magana a bakinsa.

To, mu koma ga Namangi, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya yi zamansa a Zariya cikin karatu da waƙa har Allah ya karɓi ransa a 1990. Mai magana a cikin Imfiraji yana siffanta halin mutuwa da kwanciyar kabari da tsayuwar Alƙiyama kamar wanda ya je ya gani da idonsa, alhali ko mai ido bai je can ya komo ba. Babu wanda ke cewa malamin ƙarya ya yi, domin kowa ya san daga littattafan wa'azi ya ɗebo, ya zuba a cikin harshen da talaka zai ji ya girgiza. Abin mamaki shi ne, mutumin da ya yarda da wannan ba musu, shi ne kuma da zarar an iso baitin tuba sai ya juya ya mai da waƙa tarihin rayuwa. Gaskiyar al'amari ita ce ambaton zunubi rukuni ne na waƙar madahu, yana da gurbinsa kamar yadda basmala da salati suke da nasu. Busiri ya yi shi a cikin Burda, inda ya zargi ransa da bin son zuciya, mawaƙan jihadi sun yi shi, kuma hikimarsa ita ce mai neman ceto ba ya zuwa da taƙama. An yanka wannan "ni" ne da faɗi, kamar babbar riga, don ta shiga wuyan duk wanda ya ɗauka, shi ya sa makaho a Ƙofar Doka da mace a cikin kulle ke rera ta ba tare da sun sauya harafi ɗaya ba.

Ɓarnar da ruɗewar nan ke haifarwa iri biyu ce. Ta farko ita ce zaluntar mawaƙi, a jingina masa laifin da bai yi ba, ko kuwa a ɗora masa waliccin da bai yi da'awa ba, don kawai mai magana ya yi furucin masu kashafi. Ta biyu ta fi ta farko muni ga ilmi, ita ce zaluntar waƙar kanta, gama idan ka ce tuban da ke cikin baiti na Namangi ne shi kaɗai, ka fitar da kanka daga ciki, ka zama ɗan kallo, wa'azin da aka yi dominka ya koma tsegumi a kan wani. Dattijon da ya tsaya yana hawaye a ƙofar masallaci ya fi ɗalibin zaure fahimtar Imfiraji, ko da bai san sunan bahari ɗaya na aruli ba.

Al'adar tahamisi ta ƙara fito da wannan magana fili, ta yadda ba ta bar wa mai musu hanya ba. Mawaƙi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya gina ɗango uku nasa a bisansa, su zama biyar, kuma sharaɗin gwaninta shi ne kada a ga ɗinki. Ishiriniyar da ake karantawa a zauren malamin nan asalinta ta Alfazazi ce, tahamisinta na Ibn Muhibbu, amma mai begen da ke magana a cikinta mutum ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Haka Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi: hannu uku, murya ɗaya. Wanda ya nace sai ya san ko wane ne daga cikinsu ke gargaɗi a kowane ɗango, zai iya samun amsa ta fuskar tarihin matani, amma mai gargaɗin da kunne ke ji ba ɗayansu ba ne shi kaɗai, halitta ce da waƙar ta yi wa kanta.

Sai dai kuma kada a wuce gona da iri, a ce babu wurin da mawaƙi ke magana da yawun kansa. Akwai, kuma al'ada ta ware masa wurin. A ƙarshen rubutacciyar waƙa, inda ake faɗin suna da sunan mahaifi da gari, a ƙirga baitoci, a sa ramzin shekarar hijira, nan mawaƙi ya tuɓe babbar riga ya tsaya da 'yar cikinsa, kuma abin da ya faɗa a wurin shaida ce da mai tarihi zai iya riƙewa. Haka nan waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, Turawa suka tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lakwaja, suna da wuraren da ba za a fahimta ba sai an san cewa sarki ne ke habaici daga kan karaga. Amma ko a nan sai an yi hattara, domin da yake mun san ƙarshen labarinsa, zuciya takan so ta mai da kowane kuka da duniya da ke cikin waƙoƙinsa ishara ga Lakwaja, alhali zargin duniya da rashin alkawari tsohon jari ne na waƙar zuhudu, wanda sarki da almajiri duk suka gada.

Saboda haka mai nazari yana bukatar ya auna baiti da ma'auni uku kafin ya ce ga mai magana. Da fari ya bi lamiri sawu da ƙafa, ya duba ko akwai "ya ce" ko "ta ce" da ta gabata, ko da baiti biyu ko uku ne a baya, domin mawaƙin wa'azi yakan ba Mutuwa ko Duniya ko ɗan wuta baki su yi magana, kuma ƙa'idar malamai ce cewa mai hikayar kafirci ba kafiri ba ne. Ya kuma tuna da abin da malaman balaga ke kira tajridi, inda mawaƙi ke ciro wani mutum daga jikinsa ya dinga ce masa "kai", kamar yadda Burda ta buɗe da tambayar wani mai kuka dalilin kukansa, alhali mai tambaya da mai kuka mutum ɗaya ne. Na biyu, ya tambayi kansa ko abin da aka faɗa yana cikin kayan gadon wannan nau'in waƙa. In yana ciki, to, bai isa hujja a kan rayuwar mawaƙi ba. Na uku, ya nemi shaida daga wajen waƙa, ta bakin iyali ko almajirai ko takarda, gama waƙa ba ta zama mai ƙara kuma ta zama shaidar kanta.

Da aka tashi daga karatu ran nan, ɗalibin ya raka malam har bakin soro, ya ce, "Allah gafarta malam, to, ashe ba za mu taɓa sanin zuciyar Namangi ba ke nan?" Malam ya ce za a sani, amma ta wata ƙofa: a duba abin da ya zaɓa ya sa a bakin jama'a, da irin kalmomin da ya tsince masu sauƙi har yaro ya haddace, da shekarun da ya ƙarar a kan yabon Annabi. Sa'an nan ya ce masa gobe ya zo da baitocin tuban nan a rubuce, ya karanta su a gaban 'yan'uwansa da babbar murya, a ga ko a wurin "ni" zai iya sa sunan wani.