Alƙalamin da ke ɗaure sulhu

A Kwaciri, kamar sauran unguwannin ƙaramar hukumar Fagge, rigimar haya da ta bashi ba kasafai suke farawa da kotu ba. Zauren mai unguwa ake fara zuwa, ko ofishin Hisba, wadda tun kafa hukumarta a Kano a 2003 sulhu ya zama ɗaya daga cikin manyan ayyukanta. Dattawa su yi nasiha, a ba juna hannu, a shafa fatiha. Ni kuwa wanda yake burge ni a irin wannan zama shi ne mutumin da ke gefe da takarda a kan gwiwa, wanda ba ya cewa uffan sai an zo tashi.

A ɗauka mai gida ne da ɗan hayarsa, wani mai shago a kasuwar Sabon Gari. Ana bin ɗan haya naira 180,000. Shi kuma ya ce ya kashe 60,000 wajen gyaran rufin ɗaki da damina. An yi awa biyu ana ja, an tono har maganar da matansu suka yi a bakin rijiya, daga ƙarshe mai gida ya yarda a cire 40,000. Duk wannan ƙura gwanin rubutu ba ya kwashe ta. Ya sa kwanan wata da wurin zama da cikakken sunan kowa, ya kira su ɓangare na ɗaya da ɓangare na biyu, ya faɗi abin da ya kawo su a layi biyu. Ba ya rubuta wane ne mai laifi, domin mutumin da aka rubuta ya yi zalunci ba zai sa hannu ba, in ma ya sa, da ƙullaci zai koma gida.

Gwanintar tana bayyana ne lokacin da ɗan haya ya ce, "Ranka ya daɗe, sauran zan biya bayan salla in Allah ya hore." Kowa ya gyaɗa kai. Sai mai rubutu ya ɗago: "Alhaji, wace sallar, ƙarama ko babba? Ran nawa ga wata?" Tsakanin sallolin nan biyu akwai fiye da wata biyu, kuma a cikin wannan tazarar ake sake ɓatawa. Ba zai sauke alƙalami ba sai ya samu abin da yake ƙirguwa. Na ɗaya, bayan cire kuɗin gyara saura 140,000. Na biyu, an biya 60,000 yau a gaban shaidu. Na uku, ragowar 80,000 za a biya kashi biyu, 40,000 kowanne, ranar kaza da ranar kaza, a hannun mai unguwa. Kowane adadi yakan rubuta shi da lamba sannan da kalmomi, saboda ƙara sifiri ɗaya ba ya ɗaukar minti guda.

Akwai sharaɗin da sabon shiga yake jin nauyin tambaya, wato me zai faru idan ba a cika ba. Ana cikin raha, ga shi kamar kana yi wa zaman fatan tsiya. Amma takardar da ba ta da shi, ranar da aka saɓa sai an sake sabon zama daga tushe. Sai ya rubuta cewa idan ranar ta wuce da mako biyu, mai gida yana da damar zuwa kotu da wannan takarda. Haka kuma mai gida ma a ɗora masa nasa: ba zai ƙara kuɗin haya ko ya nemi ɗakinsa ba kafin wa'adin ya cika.

Daga nan sai ya karanta da ƙarfi, sharaɗi bayan sharaɗi, kowa yana amsawa da bakinsa. Idan ɗayan ba ya jin Hausa sosai, abin da ba baƙo ba ne ga mai hulɗa da Sabon Gari, a yi masa tafinta, a kuma rubuta sunan wanda ya yi. Layukan sa hannu biyu ne kafaɗa da kafaɗa, ba wani a saman wani ba, kowanne da suna da kwanan wata, ƙarƙashinsu na shaidu da na mai sulhu. Wanda ba ya rubutu ya dangwala babban yatsa. Filin da ya rage tsakanin sharaɗin ƙarshe da sa hannu a ja masa layi, kar wani ya cusa na shida daga baya. Kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa, ɗaya ya zauna a zaure.

Takardar nan dai hujja ce, ba hukunci ba. Ba ta kwashe kayan kowa, kuma ba ta ɗaure wanda bai halarta ba, shi ya sa sulhun gado ba tare da duk magada ko wakilansu ba yake warwarewa. Mai son yarjejeniyar da za a iya zartarwa sai ya nufi cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2009, inda alƙali yake sa hannu a kan abin da aka amince ya zama hukuncin kotu.