Ɗan Filin da ke Ƙasan Fom

Duk ƙarshen shekara yayata takan dawo gida da tarin fom a jaka, ta baje su kan tabarma bayan sallar isha'i. Ita ce shugabar wani ƙaramin asibitin gwamnati, da ma'aikata goma sha ɗaya a ƙarƙashinta, kuma kowannensu sai ta cike masa takardar tantance aikin shekara, wadda ma'aikatan gwamnati suka sani da APER. Guraben maki, daga A zuwa E, ba sa cin lokaci. Abin da ke hana ta kwanciya da wuri shi ne ɗan filin da ke ƙasa, inda shugaba zai rubuta ra'ayinsa da hannunsa.

A da rahoton sirri ne, shugaba ya rubuta abin da ya ga dama, a sa a fayil, mai fayil bai sani ba. Hukumar Udoji ce, a rahotonta na 1974, ta ba da shawarar a buɗe shi, ma'aikaci ya karanta ya sa hannu. Sai dai buɗewar ta zo da nata ciwon. Tun da za a haɗa ido gobe, kuma ƙarin girma na rataye da takardar, shugabanni da yawa sun samo mafita mai sauƙi: "Mai ƙwazo ne, ya ci gaba da ƙoƙari." Na taɓa aiki a wani ofis inda mu bakwai aka rubuta mana wannan jimla guda, har da wanda ba a ganinsa sai ranar albashi.

Kayan aikin yayata uku ne: fensir, fom ɗin bara, da wani littafi mai baƙin bango da ke zama a aljihun jakarta duk shekara. Kowane ma'aikaci yana da shafi biyu a ciki. In abu ya faru, mai kyau ko marar kyau, takan rubuta kwanan wata, abin da mutumin ya yi, da abin da ya biyo baya. Ba ta rubuta hali. Ba za ka ga "malalaci" ko "mai kirki" a ciki ba, sai dai irin "ya rufe sito ƙarfe ɗaya, mata huɗu sun jira har biyu da rabi".

A daren da na zauna kusa da ita, fom ɗin mai kula da siton magani ne a hannunta. Ta fara da na bara, don ta ga abin da ta nema a wajensa da ko ya yi. Sannan ta karanta shafinsa tun daga Janairu. Na ce, "Yaya, ba shi ne kika dawo kina faɗa a kansa watan jiya ba, kan makara?" Ta ce shi ne, kuma dalilin littafin ke nan. Zuciya abin jiya take riƙewa, ta manta da na watan Maris. Littafin ya nuna makarar ta kwana uku ce a mako guda, makon da aka kwantar da ɗansa. Ba ta shiga fom ba.

Akwai kuma allurar rigakafi da ta lalace a Afrilu, lokacin da batirin firijin mai aiki da hasken rana ya mutu. A nan ta daɗe. Tambayar da take yi wa kowane kuskure ita ce, a hannun wa abin yake? Ta duba, ta ga sau biyu ya kawo mata ƙorafin batirin a rubuce kafin ya mutu. Laifin ba nasa ba ne, har ma ƙorafin da ya kawo abin yabo ne. Shugaban da bai iya wannan rabewa ba yakan ɗora wa ƙaramin ma'aikaci nauyin kuɗin da ba a saki ba, kuma ma'aikacin ya sani, daga nan ba zai ƙara yarda da komai a takardar ba.

Fom ɗin da Turanci ake cikewa, amma ga ma'anar abin da ta rubuta da fensir. "An ƙirga kayan sito sau huɗu a bana, sau uku lissafin katinsa ya yi daidai da abin da ke kan kanta. A Agusta, da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ya nemi ƙarin magani mako biyu kafin na hannu ya ƙare, don haka ba a rasa ba. Sau biyu, a Maris da Oktoba, an tarar da ruwan maganin yara da wa'adinsa ya wuce a bayan kanta, saboda yana jera sabon kaya a gaba. Daga Janairu zai riƙa sa mai wa'adi mafi kusa a gaba, ya duba kanta a makon farko na kowane wata. Zan duba tare da shi har Maris."

Katin da ta ambata shi ne wanda ake ajiyewa kusa da kowane irin magani, ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. A ganina gwanintar tana cikin kalmar "saboda". Da ta tsaya a kan magani ya lalace, da zargi ne kawai. Da ta faɗi yadda aka yi ya lalace, sai ta miƙa masa abin da zai gyara da hannunsa ranar Litinin. Yabon ma haka yake: ya san Agusta ake nufi, ya san abin da zai maimaita baɗi in damina ta kankama.

Na lura yabo biyu ne, gyara ɗaya, sai na tambaya ko ƙa'ida ce. Ta yi dariya. Ba awo take da sikeli ba, in ji ta, abin da shekarar ta ƙunsa ne. Akwai wanda nasa gyaran zai fi yabon yawa. Abin da ta kiyaye shi ne kada gyara ya wuce ɗaya ko biyu, domin wanda aka ba shida ba zai kama ko ɗaya ba. Kuma ba ta naɗe gyara cikin yabo har ya ɓace, irin "sai dai a ɗan ƙara kula". Kula da me?

Daga nan gwaji biyu. Ta rufe sunan da yatsa ta sake karantawa: in jimlolin za su zauna a fom ɗin ungozoma ko maigadi, ba su yi ba. Sannan ta dubi makin da ta bayar ta gwada shi da rubutun. Wanda aka rubuta wa magani ya lalace sau biyu ba zai ci A a kula da kaya ba, ta ba shi B. Jami'in da ke sama da ita zai sa nasa hannun, kuma in maki da magana suka saɓa, shi zai fara gani.

Fensirin yana da dalili. Washegari za ta kira shi ofis ta rufe ƙofa, ta ce, "Malam, karanta, in akwai abin da na manta ka faɗa mini." Ba za ta ba shi mamaki ba, domin maganar Maris an yi ta tun a Maris, ta Oktoba a Oktoba. In ya kawo hujjar da ba ta sani ba, ta goge ta gyara. In ba hujja, jimlar ta zauna ko ransa bai so ba, sannan ta bi da biro, ya sa hannu.

Fom ɗinsa kaɗai ya ci kusan minti arba'in. Ta kife shi gefe, ta ce in ƙara mata shayi, ta jawo na ungozoma. Saura goma.